Laccar hedifon: mai rufaffen baya da mai raga

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na ko? To madalla. Ga hedifon biyu a hannuna, wannan DT 770 Pro ce, bayanta a rufe ruf, wannan kuma HD 600 ta kamfanin Sennheiser, ku dubi bayanta, raga ce har kana hango cikinta. Kiɗa ɗaya na kunna a duka biyun, amma na sahun gaba mai ragar kawai kuke jiyowa ko ba haka ba?

To wannan yoyon shi ke ɓata ɗaukar murya. Akwai ranar da na ba wani mawaƙi hedifon mai raga ya shiga ɗakin ɗauka, bakinsa kamar taƙi ɗaya daga makirfo, irin kwandensa ɗin nan da ko numfashi ba ta bari, muka gama baiti uku lafiya lau, sai da na ɗora kwamfiresa a kan muryar na fara jin ƙwas ƙwas ɗin ƙidayar kiɗa da ya yoyo daga hedifon ɗinsa zuwa makirfo duk inda ya tsaya shan iska. Kwamfiresa tana danne mai ƙarfi, kai kuma ka ɗaga duka, sai ƙaramin sautin da ya ɓuya ya taso. Inda ya yi shiru na yanke, amma wanda ya shige ƙarƙashin kalmominsa ba ya gogewa, dole muka sake ɗauka kuma wallahi muryar ba ta dawo kamar ta farko ba, har yau abin na damuna. Gwajin ba wuya, ka kashe komai ka bar muryar ita kaɗai ka saurari tsakanin baiti. In ka ji kiɗa can ƙasa-ƙasa, ba shi mai rufi, ka rage masa ƙara, in ma yana cire kunne ɗaya to ka kashe wancan ɓangaren.

Wajen haɗa sauti kuma lamarin juyawa yake. Mai rufi iska ba ta da mafita, sautin na kai-komo cikin ƙoƙon, yawanci sai bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, ya yi maka kauri a kunne fiye da yadda yake, ka yi ta rage shi, ka kai waƙar mota ka ji ta fayau ba nauyi. Mai raga ta fi faɗa maka gaskiya, kuma ba ta tara gumi sosai a zafin nan namu. Sai dai tana son ɗaki shiru, in janareta na ruri a bayan taga shi za ka yi ta ji. Sannan HD 600 om 300 ce, wato tana son wuta mai ƙarfi kafin ta yi ƙara, waya ba ta iya tura ta yadda ya kamata, sai da amfilifaya.

Mai sauraro kawai, in a adaidaita sahu ne ko kasuwa, mai rufi. A ɗaka da daddare, mai raga.

Malam can ya ce in kuɗin guda ɗaya gare shi fa? Sayi mai rufi Malam, ka ɗauki murya da ita, in ka haɗa sautin ka gwada shi a sifika da mota kafin ka miƙa wa mai waƙa.