Darasin Daddawa Daga Agege: Abin da Ke Faruwa a Ƙarƙashin Buhu

Ɗiya: Assalamu alaikum masu kallo. Yau muna tsakar gidan Goggona a nan Agege, kuma in kun ji ƙarar janareto ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Goggo, ina kwana?

Goggo: Lafiya lau ɗiyata. Matso da wayar nan su ga tukunyar. Wannan kalwa ce, mudu biyu, ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa bayan an cire garin nan mai ruwan ɗorawa da yara ke sha. Daga Arewa ake kawo mana ita. Na jiƙa ta ranar Litinin da daddare, jiya Talata tun asuba take kan gawayi har bayan isha'i, ina ƙara ruwa duk sanda ya ja baya. Kalwa ba wake ba ce, taurin kai gare ta. Awa 12 ne mafi ƙaranci, tsohuwar kalwa kuma ta fi haka.

Ɗiya: Ta yaya za a san ta yi?

Goggo: Ɗauki ɗaya ki murza tsakanin yatsu. Kin ga baƙin ɓawon ya saɓule, ƙwayar ta rabe biyu? To ta yi. Da safen nan na zuba ta a turmi da ɗan yashi mai tsabta na surfa a hankali, ba daka ba, don ɓawon kawai nake so ya fita. Yarabawa da ƙafa suke tattake tasu. Sai wanki a gwagwa, ruwa bayan ruwa, ɓawo yana tasowa kina kwashewa. Duk ƙwayar da ta ƙi saɓulewa ki tsince ta, don ita ce za ki ci karo da ita kamar tsakuwa a cikin miya. Yanzu tana dahuwa ta biyu, kamar awa ɗaya da rabi. Wannan duk aikin ƙarfi ne, kowa zai iya. Inda ake cin jarrabawa ko a faɗi shi ne daga nan zuwa gaba.

Ɗiya: Kafin ki sauke, Goggo, ɗanɗana musu ɗaya.

Goggo: Ai ba komai a cikinta. Lami ce, ga ɗan gafi irin na waken da bai ji gishiri ba. Ƙamshinta ma na dafaffen wake ne kawai. Ku riƙe wannan a ranku, domin nan da kwana uku ba za ku gane ta ba.

(Ta sauke tukunya, ta tsiyaye ruwan a gwagwa.)

Goggo: Ku duba, ban jira ta huce ba. Ruwa ya tsane sarai, amma tururi na tashi, a haka nake juyewa cikin ƙwarya. Ƙwaryar nan ta fi shekara goma tana wannan aikin, ba na sa mata sabulu, ruwan zafi kawai sai rana. Kaurin kalwar kada ya wuce faɗin yatsu huɗu, shi ya sa na raba ta ƙwarya biyu. Sai in kifa faifai, in rufa tsohon zani mai tsabta, in ɗora buhun algarara biyu, in kai lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Kuma ba gishiri. Ko ƙwaya ɗaya.

Ɗiya: Bari in sa baki a nan, tunda kimiyyar abinci na karanta, ko da yake Goggo na cewa takardata ba ta taɓa yin daddawa ba.

Goggo: Ai ba ta yi ba.

Ɗiya: Na yarda. Masu aikin nan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, babban cikinsu ana kiransa Basilus. Suna da wata dabara: in wuta ta yi musu yawa sai su ƙulle kansu kamar iri, tafasa ba ta kashe su. Dahuwa ta kashe yawancin abokan takararsu, ga kuma waɗanda ke maƙale a jikin tsohuwar ƙwarya suna jira. Da kalwa ta sauko zuwa ɗumi sai su farka su tarar fili nasu ne. Suna son ɗumi, suna son laima, suna kuma son iska kaɗan. Shi ya sa ba a zurfafa ta, ba a kuma toshe ta a leda ko roba mai murfi gam. Gishiri kuwa birki ne a gare su.

Goggo: To ga abin da nake so mata su gane, musamman amaren da ke aiko min da tambaya. Mu mun saba abin da ya kwana tsami yake yi: kamu, nono, kunun zaki. Sai mace ta buɗe daddawa tana neman tsami. Daddawa ba ta tsami. In kin ji tsami, aiki ya ɓaci.

Ɗiya: Dalili shi ne gero sitaci ne, ƙwayoyin da ke cinsa tsami suke fitarwa. Kalwa kuwa furotin ne da mai suka fi yawa a cikinta. Basilus yana yayyanka furotin ɗin gutsi-gutsi, ɗaya daga cikin gutsattsarin nan shi ne gulutamet, ainihin sinadarin da ke sa dunƙulen magi daɗi. Wato ɗanɗanon nama da kike ji a miyar kuka ko da ba nama a ciki, daga nan yake. In suka ci gaba da ci kuma sai amoniya ta fito, ita ce zarnin da ke hawa hanci. Don haka maimakon ta yi tsami, ɓangaren kanwa da toka take karkata, kuma wannan ma yana hana wasu miyagun ƙwayoyin sakewa a ciki.

Goggo: Ɗauko min ƙwaryoyin can biyu. Na san ba za ku zauna kwana uku kuna kallon buhu ba, shi ya sa na riga na rufe wasu. Wannan ta Litinin ce da la'asar, yanzu ta kai kamar awa 44. Jiya da safe ban buɗe ta ba, hannu kawai na cusa ƙarƙashin buhu na ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Wuta ta mutu tuntuni amma ita tana zafi da kanta, alamar ta kama ke nan. In kin ji sanyi ƙalau bayan kwana ɗaya, to ki fara addu'a.

Ɗiya: Zafin nan kan wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos.

Goggo: Matso ki gani. Launi ya tashi daga fari-fari zuwa ruwan ƙasa. Akwai wani fari-fari kamar hazo a samanta, ba laifi ba ne. In na ɗaga da cokali, kin ga zaren yauƙi yana bi? Ƙwayar tana nan da siffarta, amma in na danna sai ta baje kamar dafaffen ƙwai. Shinshina.

Ɗiya: Akwai wari, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu kamar soyayyar gyaɗa. Zarnin kaɗan ne.

Goggo: A nan maƙwabtanmu Yarabawa ke tsayawa in suna son nau'in daddawarsu da suke kira iru woro, wanda ƙwayarsa ke fitowa ɗai-ɗai a miyar ganye. Su barbaɗa gishiri, su ƙulla a ganye ko leda, shi ne kike gani a kasuwannin Oyingbo da Mile 12. Iru pete kuma shi ne mai laushi da ke narkewa a miyar ewedu, ana sa masa abin tausasawa tun a dahuwa ta biyu. Tasu ɗanya ake sayarwa, tamu busasshiya. Yanzu buɗe ta Lahadi, ita ta cika kwana uku.

Ɗiya: Kai, Goggo! Har idona ya kawo ruwa.

Goggo: Haka ake so ga tamu. Ta ƙara duhu, ta yi laushi tiɓis, gafin nan ya tafi gaba ɗaya. Taɓa a harshe: ɗanɗanon ya cika baki, yana daɗewa. Zarnin kada ya tsorata ki, mai tashi ne, rana za ta kwashe rabi, tukunya ta kwashe saura, ƙamshin ya zauna. Amma a nan Legas kada ki ƙara mata kwana. A gida lokacin hunturu mukan bar ta ta ƙara, saboda sanyi na jan aikin. Nan zafi da gumi ba sa ɗagawa, dare ɗaya na ƙari sai ta koma ɗoyi da ɗaci, ta yi ruwa, kuma babu ranar da za ta gyara wannan.

Ɗiya: Ba su labarin ta daminar bara.

Goggo: Ke dai ba kya mantuwa. Mudu uku ne. Na tsiyaye ke nan aka ce ruwa ya shigo shago, na fita da gudu. Kafin in dawo awa biyu ta wuce, kalwa ta yi sanyi a gwagwa, ƙuda na bi. Gajiya ta sa na juye duka a roba mai zurfi na danne murfi. Kwana biyu na buɗe: sama ya ɗan yi, ƙasa kuwa ruwa ya kwanta, ƙwaya da tauri, wari kamar kunun da ya kwana, gefe ga funfuna baƙi da kore. Laifi uku a aiki ɗaya: ta huce, ta yi zurfi, ba ta sha iska ba. Da na mayar da ita wuta ta sake tafasa na minti 20 kafin in rufe, da na tsira da kuɗina. Zubarwa na yi. Funfuna mai launi ba a kwashe sama a ci ƙasa.

Ɗiya: To yanzu wannan mai kwana uku fa?

Goggo: Turmi za ta koma, in kirɓa ta ta haɗe, in mulmula in fyaɗa da tafin hannu, sai shanya. A nan ne Legas ke nuna mana hali. A Kano rana biyu ko uku ta bushe ƙamas ta yi baƙi. Nan sama ta bushe, ciki da danshi, ki adana bayan mako ki tarar da tsutsa. Don haka nake fyaɗa ta siririya, ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, in sa gishiri kamar cokali uku a kowane mudu lokacin kirɓi, abin da uwata ba ta taɓa yi ba. In shanya a faranti da abin tata a kai saboda ƙuda. In hadari ya haɗo, sai in ɗora a kan ragar waya nesa da garwashin da ya fara mutuwa. Ɗumi nake nema, in ta gasu ɗaci za ta yi. Gwajinta shi ne ki karya: in ta ce ƙas, ta yi, in ta lanƙwashe ta koma rana.

Ɗiya: Wanda ke da firiza fa?

Goggo: In yana da wutar da zai riƙe ta, ya sa gishiri ya ƙulla ƙanana-ƙanana ya jefa, ba sai ya shanya ba. Sai dai ya sani ɗanyar ta fi kaifi a hanci, busasshiyar ta fi zurfi a miya, don haka ɗanya a fara soya ta a manja da albasa kafin a tsaida ruwa. Kuma a rufe ta ninki biyu, in ba haka ba ruwan sanyin gidan duk daddawa zai riƙa yi, maigida ya zo yana tambaya. Miƙo min taɓaryar nan, rana na yi, ga gajimare can ta wajen Ikeja.