Fodkas: Bidiyon da ba a gane inda ya ƙare

Hauwa: Yaya Bala, saƙonnin makon nan duk tambaya ɗaya ce. Bidiyon da mutum zai kalla sau biyu bai ankara ba, yaya ake haɗa shi?

Bala: Ai sirrin yana wurin ɗauka, ba wurin editin ba. TikTok da Reels da Shorts da kansu suke maimaita bidiyo, naki kawai ki ɓoye mahaɗar ƙarshensa da farkonsa. Ɗauki misalin bidiyo kan batirin waya. Ki tsaya gaban kyamara ki faɗi jimlar nan da numfashi ɗaya: "Wannan ne dalilin da ya sa batirin wayarka ke saurin mutuwa." Ki ci gaba da bayaninki. Sai ki shiga manhajar editin ta CapCut ki danna Split, wato yankawa, daidai bayan "ya sa", ki ɗauke guntun farkon ki kai shi can ƙarshe.

Sani: Ke nan bidiyon zai buɗe da "batirin wayarka ke saurin mutuwa".

Bala: Yauwa, ya rufe da "dalilin da ya sa". Da yake a tare aka ɗauke su, haske ɗaya ne, hannunki na inda yake, muryarki ba ta sauka ba. In kika ɗauki ƙarshen daban, murya za ta yi ƙasa irin ta mai sallama, kunne kuwa nan take yake ganewa, yatsa ya wuce.

Sani: Kun tuna Vine, tsohuwar manhajar gajerun bidiyo? Sakan 6 kacal, ya yi ta juyawa.

Hauwa: Kai Sani, 2013 fa! Har da lissafin sau nawa ya juya suka zo suka sa a ƙasa.

Sani: Ƙanena ya taɓa barin ɗaya yana juyawa har ya yi barci, da asuba muka tarar yana ta yi.

Hauwa: Shi ne babban masoyin mai bidiyon!

Bala: To ku bari in ƙarasa. Shiru shi ke tona asiri. A firam 30 cikin sakan, firam 6 na shiru kashi ɗaya ne cikin biyar na sakan, kuma ana jin sa sarai. Ki buɗa layin sautin da yatsu biyu, ki yanke dab da kalmar. Kada ki bar kiɗa ya dusashe a ƙarshe, ki kuma duba ko CapCut ya liƙa tambarinsa a wutsiyar bidiyon, ki goge.

Hauwa: Ta yaya zan san ya yi aiki?

Bala: Ki shiga YouTube Studio, ki duba Average percentage viewed, wato matsakaicin kason bidiyon da ake kallo. In ya haura 100%, ana maimaitawa. Amma ni abin da ke damuna, wasu sai su hana mai kallo amsar don ya sake zagayowa. Ki ba shi amsar cikakkiya kafin mahaɗar, in ba haka ba zai ji an yaudare shi.

Hauwa: Da mun so mu taɓa bidiyoyi marasa magana, masu haɗawa da motsi, amma lokaci ya ci mu. Sai mako mai zuwa.