Hotuna uku da haruffa 80: shafin wasanka a Play Store

Jama'a, sannunku da zuwa. Yau maganarmu a kan shafin wasa ce a Play Store, wato wurin da mutum yake tsayawa ya yanke hukunci ko zai danna Install ko zai wuce abinsa. Yawancin masu zuwa ba sa buɗe dogon bayanin da ka sha wahalar rubutawa. Suna kallon suna da tambari, su leƙa hotunan farko, su karanta layi ɗaya. To a nan aikin yake.

Mu ɗauka ka haɗa wasan dara na waya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa.

Mu fara da hotuna. Play Store yana karɓar har takwas, amma a fuskar waya biyu ko uku ake gani kafin a ja gefe. Abin da sababbin masu haɗa wasa suka saba yi shi ne su jera hotunan yadda wasan yake buɗewa: tambarin kamfani, sai shafin zaɓi, sai wurin saita sauti. Ka ga an ɓata guri uku ke nan, mai kallo bai ga dara ko ɗaya ba.

Hoton farko ya zama tsakiyar wasa, daidai lokacin da abu yake shirin faruwa. Dubi wannan: 'ya'ya biyu a jere, na uku saura gurbi ɗaya ya shiga, yatsa yana kansa. Duk wanda ya taɓa dara a gindin bishiya zai ji hannunsa yana ƙaiƙayi. Hoto na biyu ya nuna sakamakon, an ci ɗan, maki ya ƙaru. Na uku kuma ya nuna abin da ya bambanta naka da na wasu, misali mutum biyu suna karawa a waya ɗaya. Sauran biyar ɗin, sa matakai da kalolin allo, ba laifi.

Girman hoton kuwa, Google yana son wasa ya kasance da aƙalla hotuna uku masu pixel 1920 da 1080 idan a kwance ake buga shi, ko 1080 da 1920 idan a tsaye ne, kafin ya cancanci shiga wuraren da ake tallata wasanni da manyan hotuna. In za ka yi rubutu a kan hoto, kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na fuskarsa. Kalma uku ko huɗu sun isa. Kafin ka ɗora, tura hoton zuwa ƙaramar waya mai araha, ka riƙe ta nesa da ido. In sai ka matso kafin ka gane abin da ke ciki, rubutun ya yi ƙanana ko kayan sun yi yawa.

Sai gajeren bayani, wanda haruffa 80 kacal aka ba ka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Wani zai rubuta: "Wasa mafi daɗi a duniya, sauke yanzu!" Wannan bai gaya wa kowa komai ba, kuma ƙa'idar Google ba ta son kirarin "na ɗaya" ko kiran a sauke yanzu. Kwatanta da wannan: "Jera uku, ci ɗan abokin karawa. Dara ta mutum biyu, ba sai da data ba." An faɗi abin da za ka yi, da wanda za ka yi da shi, an kuma cire fargabar kuɗin data. Amma fa in wasanka ba ya buɗewa sai da intanet, kada ka kuskura ka ce ba sai da data ba. Za a sauke, a goge, a bar maka tauraro ɗaya.

Dogon bayani yana ɗaukar haruffa 4,000. Ba dole ka cika ba. Sa abu mafi muhimmanci a layukan farko, ka ambaci kalmomin da mutane suke nema sau ɗaya ko biyu a cikin jimla mai ma'ana. Jera su sau ashirin saɓa ƙa'ida ne.

Ta yaya za ka san ya yi aiki? A Play Console, wato shafin da kake ɗora wasanka, za ka ga yawan waɗanda suka ziyarci shafin da yawan waɗanda suka sauke. Idan masu ziyara suna da yawa, masu saukewa kaɗan, shafin ne da matsala. Idan ana saukewa ana gogewa nan take, to hotunan sun yi alkawarin da wasan bai cika ba.

Akwai kuma Store listing experiments, inda ake raba baƙi, wasu su ga tsohon hoto, wasu sabo. Canza abu ɗaya tak, misali hoton farko, ka bar shi aƙalla mako guda domin ya haɗa da ranakun hutu. In masu ziyarar shafinka 'yan ƙalilan ne a rana, mako ba zai isa ba, sai ka ƙara masa lokaci kafin ka yarda da abin da ya nuna.