Ta yi awa takwas ba ta amsa ba: me hakan ke nufi?

Ga wani saurayi yana tsaron shago a Makka. Wadda zai aura tana aikatau a wani gida a Jidda. Bayan La'asar, ƙarfe 4, ya tura mata saƙo a WhatsApp. Amsa ba ta zo ba sai 12 na dare. Kafin nan ya riga ya yanke hukunci: ta daina yi da shi.

To, mu duba awa takwas ɗin nan. A danne saƙon, a shiga Info. Za a ga lokaci biyu, Delivered da Read. A nan Delivered ya nuna 11 na dare. Ke nan awa bakwai cur saƙon bai ma shiga wayarta ba, yana nan da tik ɗaya. Tik ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka kawai. Tata a kashe take, ko babu data. Mai aiki a gidan mutane kuwa sau da yawa ba ta taɓa waya sai ta kwashe kwanukan dare.

Read ya nuna 11 da 'yan mintuna. Jinkirin da za a iya ɗora mata bai kai awa ɗaya ba, kuma a cikinsa akwai wanka da sallar da ta makara.

Su kansu tik ɗin ba shaidu ba ne na ƙwarai. Mutum na iya karanta saƙo daga saman allo ba tare da ya buɗe shi ba, tik ya ƙi yin shuɗi. Wani ya kashe Read receipts ɗungurungum. Online kuma yana nuna manhajar a buɗe take ne kawai. Wataƙila da mahaifiyarta take magana a Kano, inda agogo ke bayan na Saudiyya da awa 2.

Inda jinkiri ke fara magana shi ne idan ya saɓa wa al'adar mutumin. Wadda kullum sai dare take amsawa, babu abin da ya canza. Amma wadda a da take turo muryarta mai tsawo, tana tambayar ya kasuwa, ya jikin Hajiya, yanzu mako biyu sai "to" da "na gani", ba ta kuma fara tuntuɓa, wannan kam a lura. Ni a wurina gajartar amsa ta fi daɗewarta nauyi nesa ba kusa ba.

Ko a nan ɗin, abin da ka sani shi ne wani abu ya canza. Fushi ne, gajiya ce, matsalar iƙama ce, wato takardar izinin zama, ko uwar ɗakinta ce ta tsananta? Waya ba ta rarrabewa. Sai ka tambayi yaushe take samun sarari, ka kira a lokacin, ka ce: "Kwana biyu na ji ki shiru, lafiya dai ko?"