Tambayoyin difens suna cikin babi na uku

Mafi yawan tambayoyin da za a yi maka ranar difens kai ne ka rubuta su da hannunka, ba ka dai lura ba. Ɗauko furojet ɗinka da jan biro, ka buɗe babi na uku, inda ka bayyana hanyoyin da ka bi wajen bincike. Duk inda ka ga adadi, ko inda ka zaɓi wata hanya ka bar wata, ja layi, ka rubuta "me ya sa?" a gefe. Nan masu jarrabawa suke fara tsayawa.

A ce ɗaliba ta yi bincike a kwalejin da ke da ɗalibai 1,200, ta raba takardun tambayoyi 300. Tambaya ta farko a fili take: ina kika samo 300? Ta yi amfani da lissafin Taro Yamane na 1967, ga shi a kan allo:

n = N / (1 + N(e)²)

Ƙaramar n ita ce yawan waɗanda za a tambaya, babbar N yawan ɗaliban duka, wato 1,200, e kuma kuskuren da aka amince da shi, 0.05. Idan aka ninka 0.05 da kansa, 0.0025 ke nan. Sau 1,200 ya ba da 3, a ƙara 1 ya zama 4, a raba 1,200 gida huɗu, 300.

Amsar baki kada ta wuce jimla uku, wato abin da aka yi, da dalili, da shafin da yake. "Ranka ya daɗe, ɗaliban 1,200 ne. Na yi lissafin Yamane da kuskuren kashi 5 cikin 100, ya ba ni 300. Yana shafi na 24." Sai ta yi shiru. Mai tsawaita bayani shi ke buɗe wa kansa sabuwar tambaya.

To amma fa kowace amsa tana da ƙanwa, ita ma a shirya mata. Za a ce, yaya kika zaɓi mutum 300 ɗin? Lissafin Yamane ya ginu ne a kan zaɓe irin na ƙuri'a, inda kowa ke da dama daidai. In a ƙofar aji ta tsaya tana miƙa wa wanda ta samu, ta faɗi haka, ta amince cewa sakamakon ba zai wakilci dukan kwalejin sosai ba. Wannan ya fi a kama ta tana kame-kame.

Daga nan a leƙa babi na huɗu. In takardu 276 ne suka dawo, kashi 92 cikin 100 ke nan, kuma jimillar kowane jadawali dole ta zama 276. Inda ake yawan faɗuwa shi ne taƙaitaccen bayanin farko ya ce 300, jadawali ya ce 276, ɗalibi kuma ya rasa bakin magana.

Rubuta kowace tambaya a ƙaramar takarda, amsa a bayanta. Ba wa abokinka ya riƙa jefo maka su a hargitse, kai kuma ka amsa da murya, a tsaye, cikin daƙiƙa 30. Duk wadda ta wuce haka, koma ka rage ta.