Amsoshin Tambayoyinku: Tumatir ya yi ja, kafaɗa ta ƙi nuna

Wani mai sauraro ya rubuto yana cewa: "Dan Allah tumatir ɗina yana yin ja daga ƙasa amma saman wajen hanci sai ya tsaya kore-kore da tauri, in na jira shi kuma sai ƙasan ya yi laushi ya lalace. Yaushe ya kamata in tsinka?"

To Malam, ka daina jiran kafaɗa, wato saman nan na wajen hanci, ta ba ka labarin launi. Tumatir daga gindi yake fara nuna, wato inda fure ya faɗi, sannan jan ya hau sama, saboda haka juya shi za ka yi ka duba ƙasan. In ka ga koren ya kwaranye ya koma fari-fari har ɗan ja ko ruwan ɗorawa ya ɓullo, ko da bai kai kashi 10 cikin 100 na jikin ba, ya isa tsinka, zai ƙarasa nuna a inuwa cikin kamar mako guda. Wanda zai yi tafiya mai nisa a nan ake cire shi, wanda za a yi amfani da shi kusa a bar shi sai jan ya rufe yawancin jiki amma da sauran ƙarfinsa in ka ɗan matsa.

Ita kafaɗar taka kuwa ba lallai ta taɓa yin ja ba ko za ka shekara kana jira. Wani irin haka halittarsa take, wani lokacin kuma rana ce, dan in zafi ya haura digiri 30 sinadarin da ke kawo jan baya samuwa sosai, kuma kafaɗar da ganye bai rufe ba ita ta fi shan rana sai ta tsaya rawaya da tauri. Ƙarancin fotash, wani sinadarin taki, a ƙasa shi ma yana jawo haka. Kar ka riƙa zage ganye da yawa, ka tsinka da wuri ya nuna a inuwa, ka ga bambanci.

Amfanin kafaɗa a siffa yake. Wanda bai ƙosa ba kafaɗarsa a tsuke take da ƙusurwa-ƙusurwa, fatar dishi-dishi ba sheƙi, wanda ya ƙosa kuwa ta cika ta yi kewaye, fata na ƙyalli kamar an shafa mai. In kana shakka yanka ɗaya da wuƙa mai kaifi. Wuƙar ta datse 'ya'yan ciki kuma ba yauƙi? Ɗanye ne, in ka tsinka irinsa ko ya yi ja ba ɗanɗano. In 'ya'yan suna zamewa cikin yauƙi, shikenan ya ƙosa.

Sheƙin nan dai a kula, jajayen da suka fara dusashewa fatar na ɗan yamutsewa kusa da hanci sun wuce lokaci, a ware su daban kar a haɗa kwando ɗaya da sauran.