Fodkas Ɗin Bayan Aji: Kalmomi 57 Su Koma 15

Malama Hadiza: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma daga nan Tudun Wada, Kaduna. Ina tare da Malam Tanko, sai ƙanena Nura da ya dawo gida jiya yana huci, wai an rage masa maki a taƙaitawa alhali bai wuce adadin kalmomi ba.

Nura: Wallahi Yaya, 15 aka ce, 15 cif na rubuta.

Malam Tanko: To karanta mana nassin tukuna.

Nura: "Duk shekara, da zarar damina ta yi nisa, ruwa yana shiga gidajen mutane a wasu unguwannin Kaduna. Masu sayar da ruwan leda, da masu shaguna, har da matan gida, suna zuba shara a cikin kwatoci, sai su toshe. Haka kuma, wasu sun gina gidaje dab da bakin kogi, inda ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni." Kalmomi 57 ke nan. Ni kuma na rubuta: "Ruwa yana shiga gidajen mutane a wasu unguwannin Kaduna. Suna zuba shara a cikin kwatoci."

Malam Tanko: Nura, wannan ai almakashi ka sa. Ka yanko nan, ka yanko can, ka liƙa. Babu kalma ko ɗaya taka. Sannan "suna zuba", su wa? Ka bar masu aikin a baya.

Malama Hadiza: Abin da ya fi damuna ma, Malam, maganar bakin kogi ta ɓace gaba ɗaya. Dalili biyu nassin ya kawo, shi ya kawo ɗaya.

Malam Tanko: Kwafi ne ya jawo. Jimlar mai nassi doguwa ce, idan ka aro ta sai ta cinye maka wuri. Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi: ka karanta sau biyu, ka kife takardar, ka gaya wa na kusa da kai abin da aka ce. Kife ta, Nura. Me ke faruwa?

Nura: Ambaliya, Malam.

Malam Tanko: Madalla! "Ruwa yana shiga gidajen mutane", kalmomi biyar, ga su sun koma ɗaya. Su masu ruwan leda da masu shaguna da matan gida fa?

Nura: Misalai ne.

Malam Tanko: Kalmomi 12 aka kashe a kansu, kuma ko ka zubar da su maganar tana nan daram. Haka "tun kaka da kakanni", ado ne. Sake gwadawa.

Nura: "Ambaliya tana addabar sassan Kaduna kowace damina saboda toshewar magudanai da gini a hanyar ruwa." Su ma 15.

Malama Hadiza: Kai, ya yi kyau! Amma ina da ƙorafi. Me ya toshe magudanan? Wanda bai ga nassin ba zai iya zaton yashi ne. Kuma "addabar" daga zuciyarka ta fito, nassin bai ce haka ba.

Malam Tanko: Gaskiyarki, Malama. Na sha ganin yaro ya ƙara da "ya kamata gwamnati ta kwashe shara". Magana ce mai kyau, amma ba wurinta ba ne. Saurari wannan: "Ana ambaliya a sassan Kaduna kowace damina saboda shara a magudanai da gine-ginen bakin kogi."

Nura: Amma Malam, ai ku ma kun ce "shara" da "bakin kogi". Ba kwafi ba ne?

Malam Tanko: A'a. Ba kalma ake hana ɗauka ba, ginin jimla ne. Kogi kogi ne, ba za ka sake masa suna ba. Idan dai ka ga kalmomi huɗu ko biyar a jere kamar yadda suke a nassi, to ka sake zubi. Kuma lura da "sassan". Nassin "wasu unguwanni" ya ce. Da na cire ta, da na nutsar da Kaduna daga Kawo har Kakuri.

Malama Hadiza: Wajen ƙidaya fa, yara suna tsallake "a" da "da".

Malam Tanko: Kalmomi ne, a ƙirga su. "Gine-ginen" ni ɗaya nake ɗaukarta, amma wani mai dubawa zai ce biyu ce, a nan sai a sa "ginin" a huta. Sannan a takardar Turanci ta WAEC yawanci adadin jimloli ake ba ka, ba na kalmomi ba, don haka karanta umarnin kafin ka ɗora biro.

Nura: Yaya, akwai wani nassin a jakata, na kalmomi 200.

Malama Hadiza: Ɗauko shi, mu ma mu gwada.